Yadda za ku raɗa wa guruf ɗin 'yan ajinku suna kafin taron sake haɗuwa

Sunan guruf ɗin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai aiki biyu yake yi. Na farko, mutumin da ya shekara ashirin da biyar bai ga 'yan ajinsa ba, idan aka tura masa gayyata, ya duba sunan ya gane nan take cewa nasa ne, ba na 'yan damfara ba ne, ba kuma na ajin da ke gabansu ba. Na biyu, bayan ya shiga, ya iya gano guruf ɗin cikin sauƙi a tsakanin na 'yan uwa, na masallaci, na wurin aiki da na siyasa da suka cika masa waya. Duk sunan da ya kasa yin waɗannan biyun bai yi ba, komai daɗinsa a kunne.

Don mu samu abin riƙewa, bari mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe. A ce ku ɗaliban sakandaren jeka-ka-dawo ne ta Ƙofar 'Yanɗaka a cikin birnin Katsina, kun shiga aji ɗaya a 1995, kun zauna jarabawar fita a 2001, kuna kuma so ku haɗu a 2026 don cikar shekara 25 da kammalawa. Mutum huɗu ko biyar ne suka fara maganar, ɗaya daga cikinsu ya ce zai buɗe guruf.

Kafin a taɓa waya, a tsayar da su waye 'yan guruf ɗin

Nan ne ake yawan yin tuntuɓe, don haka zan ɗan daɗe a kai. Wanda zai buɗe guruf yakan rubuta shekarar da shi ya gama, wato 2001, ya wuce. A ganinsa magana ta ƙare. Amma ajin da ya shiga makaranta tare ba shi ne yake fita tare ba.

Ku tuna da yadda abin ya kasance. Bayan jarabawar aji uku a 1998, wasu sun ci jarabawar makarantun kimiyya sun koma kwana a wani gari, can suka ƙarasa. Wasu an yi wa iyayensu canjin wurin aiki zuwa Funtuwa ko Malumfashi. Wasu sun bar boko sun shiga kasuwa. A makarantun da ke da mata, wasu an yi musu aure kafin aji shida. Akwai waɗanda suka maimaita aji suka fita a 2002, akwai kuma waɗanda kuka tarar sun maimaita suka gama tare da ku alhali sun shiga a 1994. Sannan ga waɗanda suka zo daga wata makaranta a aji huɗu.

Idan sunan ya ce 2001 kaɗai, mutumin da ya yi shekara uku yana zama benci ɗaya da kai amma ya tafi a 1998 zai duba ya ce ba da shi ake ba. Ba zai yi gardama ba, shiru kawai zai yi, domin ba wanda yake son ya fito ya ce shi bai gama ba ko ya maimaita. Kunya ce za ta hana shi, ku kuma ba za ku taɓa sanin dalilin da ya sa bai shigo ba. Sau da yawa ma wanda ya bar boko ya kama kasuwa shi ne yau yake da halin ɗaukar nauyin abincin taron gaba ɗaya, wannan dai a gefe.

Maganin wannan shi ne a sa shekara biyu, ta shiga da ta fita: 1995-2001. Duk wanda ya zauna da ku a wani lokaci cikin waɗannan shekarun yana ganin kansa a ciki. Idan kuwa da gangan kuke son waɗanda suka rubuta jarabawar fita tare kaɗai, to ku sa 2001, amma ku san zaɓi kuka yi, ku kuma shirya amsa tambayar wanda aka bari a waje.

Shekara guda tana da wata matsalar kuma, ba a sanin ta shiga ce ko ta fita. 'Yan sakandare sun fi kiran kansu da shekarar fita, amma a jami'a da kwalejoji mutane da yawa da shekarar shiga suke kiran ajinsu, saboda ita ce a jikin lambar rajistarsu, kuma yajin aiki yakan tura shekarar fita gaba. Shekara biyu da ɗan layi a tsakani ta kashe wannan ruɗanin.

Sunan makarantar: wanne, kuma da wace gajartawa

Ku rubuta sunan da makarantar take amsawa a lokacin da kuke cikinta, domin shi ne ke cikin kan mutane da kuma jikin takardun shaidarsu. Makarantu suna canza suna. Jami'ar Umaru Musa Yar'adua da sunan Jami'ar Jihar Katsina ta fara, sai a 2009 aka sauya mata. Kwalejin Katsina ta asali ma ta tashi zuwa Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya, ita ce Barewa ta yau. Waɗanda suka gama sakandare a Katsina ko Daura daga 1976 zuwa Satumbar 1987 kuwa a ƙarƙashin tsohuwar Jihar Kaduna suka yi karatunsu. Sabon sunan makaranta yana da wurinsa, a cikin bayanin guruf, za mu zo kansa.

Gajartawa tana da amfani amma a yi hattara da ita. Haruffan GCK a Katsina kowa ya san Kwalejin Gwamnati ta Katsina ake nufi, amma kwalejojin gwamnati na Kaduna da na Keffi su ma haka farkon haruffansu yake. GSS da GDSS da GGSS kuwa kusan kowace ƙaramar hukuma tana da su. Saboda haka kada gajartawa ta tsaya ita kaɗai, a haɗa ta da sunan gari ko unguwa: GSS Daura, ko a misalinmu GDSS K/Yandaka.

Abin da fuskar waya take nunawa

A da WhatsApp harafi 25 kacal yake bari a sa a sunan guruf. A 2023 aka ƙara zuwa 100. Wannan ƙarin ya ruɗi mutane, domin jerin hirarraki bai ƙara faɗi ba. Layi ɗaya ne, kuma a gefensa ga lokacin saƙon ƙarshe. A yawancin wayoyi abin da ke fitowa bai wuce harafi ashirin da wani abu ba, sauran sai ɗigo uku. Ku tuna kuma 'yan ajin 2001 sun haura shekara arba'in, da yawa sun ƙara girman rubutun wayarsu saboda ido, nasu layin ya fi gajarta.

Yanzu duba sunan da aka saba fara rubutawa:

```
Kungiyar Tsofaffin Daliban GDSS Kofar Yandaka Katsina 2001
```

Kalmomi ukun farko kaɗai, da tazarar da ke tsakaninsu, sun cinye gurbi 26. Ke nan abin da mutum zai gani a wayarsa shi ne ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, ba makaranta, ba shekara. Idan yana da irin wannan guruf na firamare da na Islamiyya da na jami'a, duk kamanninsu ɗaya a jere. Daga nan ake fara tura saƙon wani wuri zuwa wani.

A juya tsarin, abin da ya bambanta ku da kowa ya zo farko:

```
GDSS K/Yandaka 1995-2001
```

Wannan gurbi 24 ne. Idan ana son ya ƙara matsewa, a mai da shekarun 95-01, ya koma 20, zai fito cif a kusan kowace waya. Ni na fi son cikakkun shekarun idan wuri ya isa, saboda 95-01 yakan yi kama da lambar wani abu. Duk abin da ake son ƙarawa na ado, kamar Zumunci ko Muna Tare, ya biyo baya. In an yanke shi ba a yi asarar komai ba.

Za ka lura na rubuta K ba Ƙ ba, na kuma cire alamar da ke gaban 'Yan da lanƙwasar ɗ. Ba don ban san daidai ba ne. Mafi yawan mutane ba su sa allon rubutun Hausa a wayarsu ba, in za su nemi guruf a akwatin bincike da haruffan da ba lanƙwasa za su rubuta, waya kuwa tana ɗaukar K da Ƙ a matsayin haruffa biyu daban. Gwaji mai sauƙi ne: bayan an sa sunan, mutum biyu masu waya iri daban su rubuta `yandaka` a wurin bincike su ga ko ya fito. Haka nan rubutun ado da ake kwafowa daga wasu manhajoji, mai kama da rubutun hannu ko mai kauri, ba haruffan da aka saba ba ne, bincike ba ya kama su, wasu tsofaffin wayoyi ma akwatuna suke nunawa a madadinsu. Imoji ɗaya a ƙarshen suna ba laifi, amma ba a farko ba.

Abubuwan da bai kamata su shiga sunan ba

Ranar taro ko shekararsa ba ta shiga. Guruf ɗin 'yan aji ba ya mutuwa bayan taro, sai ma ya zama wurin sanar da ɗaurin aure, suna, rashin lafiya da ta'aziyya. In aka sa masa sunan taron 2026, shekara mai zuwa sunan ya tsufa. Kuma irin wannan taro yakan gusa. A sa shi kwana biyu bayan Ƙaramar Sallah don waɗanda ke Abuja da Legas da Fatakwal suna gida, sai a ga ya ci karo da hawa ko wani biki, a ɗage zuwa Babbar Sallah, sai kuma a tarar mutum shida sun tafi aikin Hajji. Ba za a riƙa canza suna duk lokacin da aka ɗaga ba.

Sunan mutum mai rai ma ba ya shiga, ko da shi ne ya fi kowa muƙami a cikinku yanzu. Ranar da ya tsaya takara, rabin ajin za su ga guruf ɗin ya zama na kamfe. Haka duk wata kalma ko launi ko take da ke da ƙamshin jam'iyya ko ƙungiyar addini. A aji ɗaya za ka sami ɗan ɗariƙa da ɗan Izala, wani lokaci da Kirista ɗan ma'aikacin gwamnati da aka kawo Katsina aiki, kuma duk benci ɗaya aka zauna.

Laƙabin ajinku na ƙuruciya, irin su 'Yan Bayan Aji ko 'Yan Tsallake Katanga, yana ba da dariya a ranar farko. Amma sunan guruf yana fitowa a fuskar waya duk lokacin da saƙo ya shigo, a gaban 'ya'ya, a ofis, a gaban miji ko mata. Wanda ya zama limami ko alƙali, ko matar aure da maigidanta ke ganin wayarta, za su fice ba tare da sun ce uffan ba. Idan ajinku na maza da mata ne wannan ya fi muhimmanci. Suna mai kamun kai, wanda ya faɗi makaranta da shekara, shi ne zai sa Hajiya ta iya nuna wa maigida ta ce ga abin da ake ciki, ya bar ta ta zauna.

Kirarin gari kuwa, Ta Dikko Ɗakin Kara ko Daura ta Abdu Tushen Hausa, na kowa ne. Ba ya bambanta ku da sauran guruf-guruf na garin, sai dai ya ci muku gurbi.

Yadda za a zaɓa ba tare da rigima ba

Kada a buɗe guruf da mutum ɗari sannan a ce kowa ya kawo suna. Saƙo ɗari uku za a kwana da shi, ba a cimma komai ba. Ku 'yan farkon ku buɗe shi da sunan wucin gadi mai tsarin da muka faɗa, makaranta da shekara, ku gayyato mutane. Bayan mako guda ko biyu, idan an taru, sai ku fitar da sunaye uku, kada su wuce huɗu, waɗanda dukkansu sun cika sharuɗɗan nan, ku sa ƙuri'a. Wato ainihin tacewa ku kuka yi ta, jama'a suna zaɓa ne tsakanin masu kyau.

A wayar Android, a cikin guruf ɗin ka taɓa alamar maƙala takarda da ke gefen wurin rubutu, ka zaɓi `Poll`. A iPhone alamar `+` ce. Ka rubuta tambaya da sunayen. Akwai wani maɓalli a ƙasa, `Allow multiple answers`, yana zuwa a kunne. Ka kashe shi, in ba haka ba mutum ɗaya zai zaɓi duka ukun, lissafi ya rikice. Ka kuma faɗi ranar da za a ƙirga a cikin tambayar kanta, misali daren Juma'a bayan sallar isha'i.

Ku sani cewa ƙuri'ar WhatsApp ba a ɓoye take ba, kowa zai iya taɓa `View votes` ya ga wanda ya zaɓi me. Shi ya sa bai kamata a rubuta sunan wanda ya kawo kowace shawara ba. Da zarar an ce wannan na Alhaji wane ne, wancan na tsohon monita ne, zaɓen ya tashi daga na suna ya koma na mutane, a ga wa ya ƙi wa.

A misalinmu, a ce zaɓin su ne `GDSS K/Yandaka 1995-2001`, da wanda aka ƙara wa Zumunci a ƙarshe, da `K/Yandaka 2001`. Idan na ukun ya yi rinjaye, kada a yi saurin sa shi. Masu jefa ƙuri'ar yawancinsu waɗanda suka gama a 2001 ne, domin su aka fi saurin samu, waɗanda sunan zai kora kuwa ba su riga sun shigo ba balle su yi magana. Shi ya sa na ce maganar shekara a gama ta tun farko tsakanin masu shiryawa, kada a kai ta ƙuri'a. Abin da za a kai ƙuri'a shi ne ado.

Sa sunan, sannan a kulle shi

Ka taɓa sunan guruf a sama, shafin bayaninsa ya buɗe. A nan za ka ga wurin gyara suna, alamar fensir ko cikin ɗigo ukun da ke saman kusurwa, gwargwadon irin wayar. Ka rubuta, ka sake karantawa harafi-harafi kafin ka tabbatar, domin duk canjin da aka yi yana fitowa a cikin hira kowa ya gani, da sunan wanda ya yi shi.

Mataki na gaba shi ne wanda ake mantawa. Sabon guruf yana zuwa ne a buɗe, kowane mamba zai iya canza suna, hoto da bayani. Ko ba mugun nufi, yaro ya ɗauki wayar uwarsa ya isa ku wayi gari da hoton kyanwa da suna mara ma'ana. Ka shiga `Group permissions`, ka kashe `Edit group settings` na mambobi. Daga nan masu kula da guruf kaɗai ke iya taɓawa. A wannan shafin dai ka kunna `Approve new members`, don duk wanda ya biyo ta hanyar linki ya jira a tantance shi. Masu kula su zama aƙalla uku, kuma ba daga rukuni ɗaya na abokai ba. In mutum ɗaya ne ya rasa layinsa, kun shiga wahala.

Duk abin da aka hana shi shiga suna, wurinsa bayanin guruf, wanda ke ɗaukar rubutu mai tsawo kuma sabon shiga yana ganinsa. A nan za a rubuta cikakken sunan makaranta da Hausa mai lanƙwasa, tsohon suna da sabo in an canza, da jimla ɗaya da ke cewa duk wanda ya zauna a wannan aji tsakanin 1995 da 2001, ko ya gama tare da mu ko bai gama ba, nasa ne. Sai ranar taro da wuri, waɗanda za a iya gyarawa sau goma ba wanda ya damu. Hoton guruf kuma ya zama bajen makaranta ko ƙofar shigarta, abin da ido zai gane kafin a karanta suna.

Idan guruf ya haihu

Ba makawa za a buɗe na biyu, na kwamitin shirye-shirye, inda ake maganar wa ya biya wa bai biya ba, da wanda za a ɗauke wa kuɗin saboda halin da yake ciki. Idan sunansa ya fara da kalmomin da babban ya fara da su, wata rana ma'aji zai tura jerin waɗanda ba su biya ba cikin babban guruf, kafin ya goge mutum talatin sun karanta. Irin wannan yana raba zumuncin da aka taru don a gyara. Saboda haka a nan ma bambancin ya zo farko, da manyan haruffa, hoton kuma ya zama daban sarai:

```
KWAMITI - K/Yandaka 95-01
```

Haka za a yi in mata sun buɗe nasu don maganar anko da girki, kalmar MATA ta zo farko.

Abu na ƙarshe ya shafi kuɗi. WhatsApp ba ya hana guruf biyu ɗaukar suna ɗaya da hoto ɗaya. Duk wanda ya ga linkinku zai ga suna da hoton, zai iya buɗe irinsa sak, ya zuba lambobin mutanenku, ya sa lambar asusunsa ya ce a tura gudummawar taro. An fi yin wannan bayan an ƙwace WhatsApp ɗin wani mamba ta hanyar kiransa a ce ya karanto lambobi shida da aka turo masa don shiga taron ƙungiya. Don haka sunan guruf ba shaida ba ne. Ku sanar tun ranar farko cewa guruf ɗaya ne, lambar asusu ɗaya ce, tana rubuce a bayanin guruf inda masu kula kaɗai ke iya gyarawa, kuma ba wanda zai kira wani ya nemi lambobi shida. Linkin gayyata kada a manna shi a Facebook, a tura wa mutum shi kaɗai. In ya riga ya fita, a shiga `Invite via link` a taɓa `Reset link`, tsohon ya daina aiki nan take, a raba sabon ga waɗanda ba su shigo ba tukuna.